Jinginar Gona a Takardar Turanci: Shawara ga Matasa Masu Fassara

Matasan da suka fara karɓar aikin fassarar takardun filaye, ina ba ku shawara ku yi hattara da yarjejeniyar jinginar gona, domin a kanta ne na yi kuskuren da ya kusa raba wani iyali da gadonsu.

An kawo mini takardar Hausa wadda a cikinta wani manomi ya jinginar da gonarsa a kan naira 400,000, aka ce in mayar da ita Turanci saboda lauyan da zai duba ta. Na buɗe ƙamus, na ɗauki kalmar da bankuna ke amfani da ita idan mutum ya karɓi bashi ya ajiye takardar gidansa. Alhali kuwa waɗannan ma'amaloli biyu sun sha bamban. A jinginar banki, mai gida yakan ci gaba da zama a gidansa, akwai wa'adin biya, kuma idan ya gaza, banki yana iya sayar da gidan. A jinginarmu ta gargajiya, mai kuɗi ne yake karɓar gonar ya riƙa nomawa, ba shi da ikon sayar da ita, kuma duk ranar da mai gona ko magadansa suka kawo kuɗin, wajibi ne a mayar musu da abinsu komai daɗewar shekaru. Fassarata ta sa lauyan ya ɗauka cewa mai kuɗi yana da hurumin sayarwa, sai da ɗan manomin ya ji bayanin ya musa, sannan aka dawo mini da takardar.

Saboda haka, kafin ku zaɓi kalma, ku tambayi takardar kanta: a hannun wa gonar za ta zauna, wa zai ci amfaninta, an yanka wa'adi, kuma an ba wani ikon sayarwa? Amsoshin nan ne za su nuna muku ko jingina ce, ko haya, ko aro, ko sayarwa, domin masu rubutu a ƙauye sukan ambaci ɗaya suna nufin wata. Dokar Nijeriya tana da kalma ta daban ga jinginar gargajiya, ita ya kamata ku nema a wurin lauya. Idan takardar ta yi shiru a kan wa'adi, ku ma ku yi shiru, kada ku cike gurbin da hasashenku, sai dai ku sanar da wanda ya ba ku aikin a wata takarda daban.

Haka kuma ku lura da "kadada", wadda wasu ke nufin eka da ita, wasu kuma hekta, ga shi hekta ɗaya ta kusa eka 2.5. Ku tambayi masu yarjejeniyar wacce suke nufi.

Idan kun gama, ku ba wani wanda bai ga asalin ba ya mayar da fassararku Hausa da baki, sannan ku saurara ko haƙƙin kowane ɓangare ya fito yadda aka rubuta shi tun farko.