Ranar da dutsen guga ya ci babbar rigar Alhaji

Shekara goma sha huɗu ina riƙe da shagon ɗinki a Kano, da kekuna biyar da yara huɗu, amma ban taɓa shan wahalar rubutu kamar daren wata Litinin ba. Wani Alhaji da muka daɗe tare ya kawo farar shadda yadi goma: biyar babbar riga, biyar jamfa da wando. Ranar Asabar za a ɗaura wa 'yarsa aure. An gama ɗinki, mai aiki ya gama aikin wuya, sai ƙaramin yarona ya ɗora dutsen guga a ƙirjin rigar ya fita amsa waya. Tabon ya kai faɗin tafin hannu, daidai ƙasan aljihu, ja-ja kamar ɓawon gurasa. Shadda idan ta ƙone haka, ba wanki ba bugu, ta tafi.

Alhaji yana Abuja, kuma ba ya ɗaga waya idan yana taro. Dole sai saƙon WhatsApp.

Na farko da na rubuta, zuciya ce ta rubuta shi: "Salamu alaikum Alhaji. An samu matsala a rigarka. Wuta ce aka kawo da ƙarfi, yaro kuma ya yi sakaci, na ma kore shi." Duk gaskiya ne ban da korar, wadda niyya ce kawai. Amma da na sake karantawa, sai na ga babu ni a ciki ko kaɗan. Alhaji ba yaro ya ba shaddarsa ba, ni ya ba. Na san amsar da zai turo: "To, sai yaya?" Kuma da gaskiyarsa.

Na biyu ya yi tsawon wasiƙa. "Ranka ya daɗe, wallahi na rasa bakin magana, kunya ta hana ni barci, don girman Allah ka yafe mini, ƙaddara ta riga fata..." Sai a layi na tara aka ambaci riga. Matata ta karɓi wayar ta karanta, ta ce, "Maigida, ni da na ga wannan sai in zaci rasuwa aka yi." Ta kuma nuna mini abin da ban lura ba: saƙon roƙon yafiya yake, mutumin da aure ke gabansa kuwa riga yake nema. Ga shi na ɗora masa aikin lallashina.

A nan na tsaya na tambayi kaina, me nake so ya faru kafin azahar ɗin Talata? Izini nake so. Sabon aikin wuya kwana biyu yake ci a wurin mai aikinmu, yanka da haɗawa yini guda. In na shiga Kantin Kwari da safiyar Talata, Juma'a riga ta fito. In aka kai Laraba, sai dai addu'a. Akwai kuma abin da tela ne kaɗai ya sani: farar shadda ba iri ɗaya ba ce. Wani farin yana ja zuwa shuɗi, wani zuwa madara, zanen jiki ma ya bambanta daga bandir zuwa bandir. In na sayi yadi biyar kawai, rana tana haskawa za a ga riga daban, jamfa daban.

Ga na uku: "Salamu alaikum Alhaji, barka da dare. Babbar rigarka ta ƙone wajen guga a shagona, ba za ta sawu ba. Laifina ne, ka yi haƙuri. Gobe da safe zan je Kwari da ƙyallen shaddar. In na samu irinta sak, zan sayi yadi biyar. In ban samu ba, zan sayi goma in sake duka. Kuɗin daga aljihuna ne. Juma'a bayan masallaci za a kawo maka gida in sha Allahu. In ka amince, ka sanar da ni kafin ƙarfe goma."

Shi ma bai gamsar da ni nan take ba. Ya yi mini bushe, kamar takardar banki, ga mutumin da ya girme ni da shekara ashirin. Sai na ɗauko "ranka ya daɗe" daga na biyu na sa a farko, na ƙara "Allah ya sanya alheri a auren" a ƙarshe. Rantsuwa da maganar ƙaddara na bar su. Ƙaddara shi ya kamata ya ambata in ya ga dama, ba ni da na yi ɓarnar ba. Hoton tabon kuma na riƙe shi sai da saƙon ya shiga, domin in hoto ya riga bayani, ba wanda zai karanta bayanin da sanyin rai.

Amsa ba ta zo ba sai bayan asuba. Layi biyu: "Allah ya kiyaye gaba. Sayi goman kawai, kada ka ɓata lokacin nema." Ƙarfe tara ina cikin Kwari, da ƙyallen a aljihu duk da haka.