Sana'ar kayan sanyi a Jos: abin da ya sa nake hana masu aiki cikin marka sayen auduga

Ina da shagon kayan sanyi na gwanjo a Jos, kuma ina saro dila a kasuwar Katako, in kwance ta, in ware suwaita da rigunan ruwa da safa da huluna bisa irin zaren da aka yi su da shi. Mutane da yawa suna zaton cinikinmu na hunturu ne kawai, daga Disamba zuwa Fabrairu, amma kusan rabin abokan cinikina a watannin Yuli da Agusta suke zuwa, lokacin marka. Yawancinsu manoman dankalin Turawa ne daga wajajen Bokkos da Mangu, da 'yan acaɓan ƙauye masu ɗauko buhuna daga gona zuwa kasuwa, da masu gadin dare. Waɗannan su ne mutanen da zaɓin zare ya shafi lafiyarsu kai tsaye, kuma su ne suka fi yawan miƙa hannu ga rigar auduga mai kauri, domin ita ce mai laushi a hannu kuma ita suka saba da ita.

Sabon nasu yana da dalili. A Kano ko Katsina ko Damagaram, ɗarin hunturu busasshe ne, kuma wanda ya haɗa singileti da taguwa da babbar riga ya naɗa rawani ya gama da shi, ko da duk na auduga ne. Jos kuwa tana bisa tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma cikin marka ana iya wuni ana yayyafi, rana ba ta leƙo ba, iska tana kaɗawa, ma'aunin zafi ya sauko ƙasa da digiri 20. Wannan adadi ba ya ba kowa tsoro, amma ga mutumin da tufafinsa suka jiƙe kuma yake bisa babur, ya isa ya kwantar da shi.

Tufa ba ta samar da zafi da kanta. Jiki ne yake samar da zafinsa, aikin tufa shi ne ta riƙe iska tsakanin zarurrukanta, ita kuma iskar da ba ta motsi ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Auduga busasshiya tana yin wannan aiki da kyau. Matsalarta ita ce tana son ruwa: zarenta yana shan ruwa har cikinsa, ya kumbura, ya kwanta, sai ruwa ya cike guraben da iska take ciki. Ruwa kuwa yana ɗauke zafi kusan sau 25 fiye da iska. Saboda haka rigar da take tare zafi da safe, idan ta jiƙe da hantsi, ta koma hanyar da zafin yake bi yana fita, kuma da yake jiƙaƙƙiyar auduga tana manne wa fata, ba a bar ko ɗan tazarar iska tsakanin jiki da ruwan ba.

Akwai asara ta biyu, wadda ta fi ta farko daɗewa. Ruwan da ke cikin rigar yana bushewa a hankali, kuma kafin kowane ɗigo ya zama tururi ya tashi sai ya ci zafi, wanda yawancinsa daga fatar mai rigar yake fitowa. Wannan shi ne abin da yake sanyaya ruwan randa, kuma shi ya sa auduga ta fi kowace tufa daɗi a zafin Afrilu. A marka kuwa, jiki ne yake biyan kuɗin.

Misalin da na fi gani shi ne na ɗan acaɓa mai ɗauko dankali. Yakan fito da asuba sanye da singiletin auduga, da taguwa, da suwaitar auduga mai hula, da wandon jins, wanda shi ma auduga ne. Yana ɗora buhu bisa babur yana ɗaurewa sai ya yi gumi, singiletin ya jiƙe tun kafin ruwa ya taɓa shi. A hanya yayyafi ya sauko, suwaitar ta sha. Na sha auna irin wannan suwaita a sikelin shago: mai nauyin rabin kilo a bushe, idan aka tsoma ta aka matse da hannu, takan kai kilo guda ko fiye, wato tana riƙe da aƙalla rabin lita na ruwa. Zafin da ake bukata kafin rabin lita ya bushe ya kai kwatankwacin wanda jikin mutum mai zaune yake samarwa cikin sa'a uku. Ba duka ne zai fito daga jikinsa ba, amma kaso mai yawa daga can ne, kuma mai tuƙa babur a zaune yake, ba ya aikin da zai ɗaga zafin jikinsa, ga iskar gudu tana ratsa saƙar tana hanzarta bushewar. Manomin da ke noma cikin ruwa ya fi shi sauƙi muddin yana aiki, sai dai shi ma da zarar ya tsaya cin abinci ko ya hau bayan mota zai koma gida, sanyin ya kama shi lokaci guda.

Zafin cikin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37, kuma idan ya sauko ƙasa da 35 an shiga haɗari. Alamar farko ita ce makyarkyata da haɗuwar haƙora, sannan yatsu su daina biyayya, mutum ya kasa ɗaure igiya ko riƙe birki yadda ya kamata, wanda ga mai babur a kan hanya mai santsi wannan kaɗai musiba ce. Idan magana ta fara sarƙewa, ko mutum ya rikice, ko makyarkyatar ta tsaya alhali yana cikin jiƙaƙƙun kaya, to lamarin ya yi tsanani, domin jiki ya gaji da kare kansa. Abin da ake yi shi ne a shigar da shi inda babu iska, a cire masa jiƙaƙƙun kayan gaba ɗaya, a goge shi, a lulluɓe shi da busasshen bargo har kansa, a ba shi shayi mai ɗumi da sukari idan yana cikin hayyacinsa, kuma wanda ya rikice a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Yara da tsofaffi sun fi saurin kaiwa ga wannan hali.

Ulu, wato zaren gashin tumaki, halinsa daban ne. Zarensa a nannaɗe yake kuma yana da tsauri, saboda haka ko ya sha laima ba ya kwanciya, guraben iskar suna nan. Bayan zaren yana ƙin ɗigon ruwa, cikinsa kuma yana iya shanye laima har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa kafin a ji shi a jiƙe. Zaren roba irin su foliyesta ya bi wata hanyar: kusan ba ya shan ruwa ko kaɗan, abin da zaren kansa yake riƙewa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ruwan yana tsayawa ne tsakanin saƙa kawai, kuma idan aka matse aka kakkaɓe yawancinsa ya fita. Suwaitar foliyesta mai gashi-gashi da aka wanke tare da ta auduga takan bushe tun ta audugar tana ɗiga.

Abin da nake haɗa wa ɗan acaɓa hawa uku ne, kuma na fi matsa masa a kan na farko, wanda shi ne mafi araha. A jikin fata ya sa rigar foliyesta mara kauri, ko da rigar 'yan ƙwallo ce, a maimakon singiletin auduga, domin suwaitar ulu mai tsada bisa jiƙaƙƙen singileti ba ta hana fata zama cikin ruwa. A tsakiya ya sa ulu ko foliyesta mai gashi. A waje ya sa rigar ruwa ta nailan wadda take tare iska, kuma wannan ba abin bari ba ne, tun da ulu da foliyesta duka iska tana ratsa su. Nakan kuma gaya masa ya cire rigar ruwan da suwaitar yayin ɗora kaya, ya mayar da su idan zai hau, saboda gumin da aka tara a ƙarƙashin nailan yana jiƙa mutum kamar ruwan sama. Wandon jins a bar shi a gida, a sa wandon roba, a sa safar ulu.

Ba na son a ɗauka cewa ulu yana hana sanyi ko yaya ya jiƙe, kamar yadda wasu 'yan kasuwa suke faɗa don su sayar. Idan ya jiƙe sharkaf ɗuminsa yana raguwa sosai, ya yi nauyi, kuma yana daɗewa bai bushe ba. Ya dai fi auduga ne a hali guda. Yana kuma bukatar kulawa: ruwan zafi da cuɗa mai ƙarfi suna tsuke shi har ya ƙi shiga, asu yana cinsa idan aka adana shi da datti, wani kuma yana sa ƙaiƙayi. Zaren roba nasa aibin ya fi ban tsoro. Yana riƙe warin gumi, wannan ƙaramin abu ne, amma yana narkewa idan wuta ta taɓa shi ya manne wa fata, alhali mutanenmu idan sanyi ya kama su kaskon gawayi suke nufa. Saboda haka mai shayi da mai gasa masara da matar da ke wuni a murhu ulu nake ba su, domin ba ya saurin kama wuta, kuma ba na sayar wa uwa suwaitar roba don ƙaramin yaro sai na gaya mata wannan.

Wahalar sana'ar tana wajen gane zaren. A cikin dila guda, yawancin suwaitar da ake kira ta ulu ta akirilik ce, wato roba ce da aka saƙa ta yi kama da ulu, wata kuma auduga ce mai saƙar ulu, wadda ita ce ta fi yaudara. Idan takardar wuya ko ta gefen ciki tana nan, tana faɗin kason kowane zare, kuma duk wadda auduga ta fi yawa a cikinta ina ajiye ta a ɓangaren kayan hunturu. Idan an yanke takardar, nakan zaro ɗan zare daga cikin ɗinki in kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da sauri da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu yana ƙauri kamar gashi, ya mutu da kansa idan aka janye wutar, ya bar baƙin ƙullutu da ke murƙushewa tsakanin yatsu. Roba tana ƙanƙancewa ta narke, ta bar ƙullutu mai tauri da ba ya murƙushewa. Gaurayen zare yana nuna alamun biyu tare, kuma a nan sai in ɗiga ruwa bisa saƙar: idan ta shanye nan take wurin ya yi duhu ya bazu, akwai auduga da yawa, kuma ba zan ba mai hawa babur cikin Agusta ita ba ko da ya yarda da farashin.