Minti biyar bayan sallama

A masallacin unguwarmu a Abuja, liman yana huɗuba da Larabci da Hausa, amma sahu cike yake da Yarbawa, Igbira da matasa masu bautar ƙasa da ba sa jin ko ɗaya. Shi ya sa aka ɗora mini taƙaita huɗubar da Turanci bayan an sallame, tunda ba a magana liman yana kan mumbari. Huɗubar minti ashirin da biyar, ni kuma minti biyar aka ba ni.

Ranar da na fara, a kan bashi ya yi magana. Ya jawo aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta ce a rubuta bashi. Ya kawo labarin mamacin da Annabi (SAW) ya ƙi sallata sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashinsa. A nan muryarsa ta karye, masallaci ya yi tsit. Ni kuwa da na miƙe sai na jero darussa huɗu, kowanne da "liman ya ce". Ban bar komai ba, a ganina.

A bakin ƙofa wani dattijo Bayarabe ya riƙe hannuna. Ya ce da Turanci, "Ɗana, na ga na kusa da ni yana share hawaye. Me liman ya faɗa da ba ka gaya mana ba?" Maganar ta tsaya mini a rai har dare.

Tun daga nan na daina "liman ya ce". Sau ɗaya nake faɗa a farko cewa maganarsa ce, sannan in fuskanci jama'a da "ya ku bayin Allah" kamar yadda ya yi. Ran Alhamis bayan isha'i ina zama da shi, in tambaye shi, "Allah gafarta Malam, ina zuciyar huɗubar take?" Wurin da ya nuna shi ke cin minti uku, da labarinsa cikakke, da maimaicinsa. Idan ya ce "wa zai biya maka?" sau uku, ni ma sau uku, ina ɗan yin shiru a tsakani. Sauran batutuwa jimla ɗaya ɗaya ta ishe su.

Karin magana ya fi ba ni wahala. "Bashi hanji ne, yana cikin kowa" lallashi ne a bakin liman, don kada mai bashi ya ji an tozarta shi. In aka juya shi kalma da kalma, dariya za a yi, don haka ma'anar nake faɗa cikin sanyin murya. Aya kuwa ba na fassara ta da ka. Tun a gida nake kwafo ta daga bugaggiyar fassara, in sa liman ya duba kafin a kira salla.