Takardar da Ta Kusa Ɓata Mini Labari

Na daɗe ina son rubuta gajeren labari a kan 'yan'uwa da suka yi kaca-kaca saboda gidan mahaifinsu. A rubutun farko na kawo ƙarshen rigimar cikin sauƙi: aka tsinci takarda a ƙasan akwatin marigayi, ya rubuta cewa ya bar wa autarsa gidan gaba ɗaya domin ita ta yi jinyarsa. Kowa ya sunkuyar da kai, labari ya ƙare. Na ji daɗin abina, na kai wa kawuna ya duba, shi da ya daɗe yana zaman rabon gado.

Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce, "Ɗana, wannan takardar ba ta kashe wuta ba, fetur ta zuba mata." Ya tuna mini abu biyu da na sani amma na mance da su don son labarina ya yi daɗi. A shari'ar Musulunci babu wasiyya ga magaji, sai in sauran magada sun yarda. Kuma wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Iyalin da na ƙirƙira Musulmi ne, don haka babban wansu da ya ji an karanta wannan takarda kotu zai nufa, ba neman gafara ba.

Na yi kwana uku ban taɓa rubutun ba. Abin da ya buɗe mini hanya tambaya ce guda: wane ne a gidan nan gado ba zai kai gare shi ba, amma uban yana kwana yana tashi da tunaninsa? Sai jika ya faɗo mini, yaron da mahaifinsa ya riga kakan rasuwa. Muddin akwai baffanninsa maza a raye, ba shi da ko ƙwayar zarra a gadon. To shi wasiyya ta halatta a kansa.

Daga nan na zauna da biro na yi lissafi kafin na sake rubuta ko layi ɗaya. Na ba gidan ɗaki 12, marigayi ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, babu iyaye, babu bashi. Ya yi wa jikan wasiyya da sulusi, wato ɗaki 4, saura 8. Matar ta ɗauki tumuni, ɗaki 1. Ragowar 7 aka raba bisa aya ta 11 ta Suratun Nisa'i, namiji rabon mata biyu: kowane ɗa ɗaki 2, kowace 'ya ɗaki 1. A zahiri ƙima ake yi wa gida, domin ɗakin da ke kallon titi ba daidai yake da na ƙurya ba, kuma wannan bambancin shi na mayar tushen faɗan. Babban wa yana son a sayar, ƙanensa ya ƙeƙasa ƙasa ya ce shagon gaba nasa ne, matan kuma suna tsoron a tashi tsohuwa daga ɗakin da ta haife su.

Duk tsawon wannan rigima yaron yana nan. Na sa shi yana shimfiɗa musu tabarma, yana kawo ruwa, ana lissafi a gabansa ba a ambaci sunansa ba. Layi ɗaya kawai na ba shi, inda ya tambayi gwaggonsa, "Gwaggo, in an sayar, ina zan kai akwatina?" Ba ta amsa ba. Wannan shirun ya fi shafi biyun zage-zage da na goge ƙarfi.

Sauran aikin na takardar ne. Kawu ya ja kunnena cewa rubutun hannu kaɗai ba ya wadatarwa, za a nemi shaidu. Sai na sa sunayen mutum biyu a ƙasanta, abokan marigayi da ke nesa, waɗanda suka ɗauka iyalin sun san da maganar. Na kuma koma shafin farko na dasa gafakar Alƙur'aninsa rataye a bango, ba wanda ya sauke ta tun ranar bakwai, don kada takardar ta faɗo wa mai karatu daga sama. Tsohuwa ce ta buɗe ta daren da za a kawo mai saye.

Ban sa su rungume juna ba, domin ban yarda takarda tana wanke zuciya a dare ɗaya ba. Kowa rabonsa ya ragu. Babban wan ya karanta sau biyu, ya naɗe, ya juya ya kira yaron da sunan da marigayi yake kiransa, ya ce ya matso ya zauna a kan tabarma.