Daga shafi 14 zuwa saƙo 5

Bayanin tallan da muke nuna wa masu shaguna a kwamfuta, na solar da ke ɗaukar firij da fanka da fitilu, shafi 14 ne. Da aka ce a mayar da shi saƙonnin waya, sai na bi shi shafi-shafi ina taƙaitawa, kuma a nan na yi kuskure. Shafin farko tarihin kamfani ne, na biyu hoton ma'aikata. Idan kana gaban mutum kana bayani, zai yi maka kara ya saurara. A waya babu kara, layin farko kawai yake gani, in bai shafe shi ba ya wuce.

Sai na birkita tsarin. Abin da ke shafi na 6, wato kuɗin mai, shi ya dawo gaba, kuma tambaya na mayar da shi: "Salamu alaikum Alhaji. Lita nawa janaretan shagonka ke sha a rana?" Ko sunan kayan ban ambata ba. Bayan kwana biyu saƙo na biyu ya bi da lissafi: lita 5 a rana, lita 150 ke nan a wata. Na uku ɗan gajeren bidiyo ne na wani shago da muka haɗa wa, firij na aiki janareta a kashe. Farashi da biyan kashi-kashi sai a na huɗu. Na biyar buƙata ɗaya tak: yaushe za mu zo mu duba kayan wutar shagon?

Jadawalin ƙarfin batir da na inbata na ajiye shi gefe, sai wanda ya tambaya. Wanda kuwa ya amsa, nan take a cire shi daga jerin masu karɓar saƙonnin a yi magana da shi baki da baki. Mutum ya gaya maka litarsa, jibi kuma saƙo ya zo masa kamar ba ka ji ba, ai ka rasa shi.

Abin da ya ci mana kuɗi shi ne haruffa masu lanƙwasa. Tes guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, ko guda ɗaya ce, iyakar ta sauko 70. Saƙo mai harafi 150 sai ya kasu uku, a caje ka uku. Yanzu in tes ne nakan zaɓi kalmomin da ba su da lanƙwasa, sauran na bar wa WhatsApp.

Shi ma yana da nasa tarkon. `Broadcast`, wato tura saƙo guda ga mutane da yawa a lokaci ɗaya, mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda ya adana lambarka ne kaɗai saƙon ke isa gare shi. Shirun da ka ɗauka ƙi ne, wataƙila saƙon bai ma je ba. Don haka na farkon da hannu nake tura shi, mutum-mutum, da sunansa, in roƙi a adana lambar.