Sharaɗin da ba a ɗaura shi da rana ba

A aikin rubuta sanarwar tallafin karatu da tantance takardun masu nema, babban abin da na koya shi ne sharuɗɗan cancanta ba sa tsayuwa sai da kwanan wata. Duk sharaɗin da ba a faɗi ranar da za a auna shi ba, kwamitin tantancewa ne zai yanke hukuncinsa daga baya, bayan mutane sun riga sun ɓata lokacinsu wajen haɗa takardu.

A ɗauki sanarwar da ta ce kada mai nema ya wuce shekara 30, za a rufe karɓar takardu ranar 31 ga Oktoba, karatu kuma zai fara a Satumbar shekara mai zuwa. Ga ɗalibar da za ta cika shekara 31 a watan Janairu. Idan ranar rufewa ce ma'auni, ta cancanta. Idan ranar fara karatu ce, ta fita. Mutum biyu a kwamiti ɗaya za su iya karanta jimlar nan su saɓa, kuma kowannensu yana da hujja. Abin da ya fi damuna shi ne mai taka-tsantsan yakan janye da kansa ba tare da ya tambaya ba, kwamiti kuma ba zai taɓa sanin ya rasa shi ba. Maganin shi ne a rubuta ranar haihuwar da aka tsaya a kai, a ce wanda aka haifa daga rana kaza ta shekara kaza.

Haka batun digiri yake. Dole sanarwa ta bayyana ko ɗan ajin ƙarshe zai iya nema, ta kuma raba takardun da ake so ranar nema da waɗanda za a kawo daga baya. Tallafin Chevening na Birtaniya ya kyautata wannan: bai tsaya ga cewa ƙwarewar aiki ta shekara biyu ba, ya fassara ta da sa'o'i 2,800, sannan ya ware wata rana dabam, bayan rufe nema, don gabatar da takardar samun gurbi a jami'a.

Ita ma ranar rufewa ba ta cika sai da ƙarfe nawa da kuma agogon wace ƙasa. Wanda ya ga 12:00 yana iya ɗauka tsakar dare ce alhali tsakar rana ake nufi. Shi ya sa nake rubuta lokacin da lamba da kuma kalmomi, in kuma fayyace ko wasiƙun shaidar malamai ma a wannan sa'ar ake rufe karɓarsu, domin mai nema ba shi da iko a kan ranar da malaminsa zai aika tasa.