Waƙafi biyu a jere: abin da TEXTJOIN bai tsallake ba

Ni ke riƙe da takardar Excel ta ƙungiyarmu ta 'yan tireda a Katsina. Ƙarshen kowane wata sai na fitar da sunayen waɗanda suka biya kuɗin wata a layi ɗaya, da waƙafi tsakaninsu, in tura wa shugaba. Sunayen suna B2 zuwa B41, gida 40 ke nan, wanda bai biya ba a bar gidansa wayam. A watan da nake magana mutum 28 suka biya. TEXTJOIN nake sa wa ya haɗa min sunayen a gida ɗaya:

```
=TEXTJOIN(", ",TRUE,B2:B41)
```

Na farko a cikin baka shi ne abin da zai raba sunayen, waƙafi da tazara ɗaya. TRUE na nufin a tsallake gidan da ba komai. In ka sa FALSE, kowane gida wayam sai ya bar maka waƙafinsa.

To, na sa TRUE ɗin, amma sai ga waƙafi biyu a jere har wuri uku. Na leƙa B9, ido bai ga komai ba. Da na rubuta `=LEN(B9)` don ta ƙirga haruffan da ke gidan, sai ta ba ni 1. Ashe wanda ya taya ni shigar da sunaye, in zai goge suna, maɓallin tazara yake dannawa maimakon Delete. A wurin Excel kuwa tazara ma rubutu ce, gidan ba wayam yake ba, don haka TRUE ba ruwansa da shi. Bin gidajen ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne, tunda wata mai zuwa ma haka zai yi. Sai na sa TRIM ta fara share su:

```
=TEXTJOIN(", ",TRUE,TRIM(B2:B41))
```

TRIM tana mayar da gidan tazara zalla ya zama ba komai, daga nan TEXTJOIN ya wuce shi. Ta kuma gyara sunayen da aka bar wa tazara a ƙarshe, masu sa waƙafi ya yi nesa da suna. A Microsoft 365 Enter kawai ya isa. A Excel 2019 sai ka danna Ctrl+Shift+Enter, saboda an ba TRIM jerin gidaje ne gaba ɗaya.

Wuri ɗaya ya ƙi gyaruwa duk da haka, wanda aka kwafo daga intanet. Irin wannan tazarar lambarta 160 ce, TRIM ba ta taɓa ta, sai an fara musanya ta da ta yau da kullum:

```
=TEXTJOIN(", ",TRUE,TRIM(SUBSTITUTE(B2:B41,CHAR(160)," ")))
```

Da ma'aji ya buɗe takardar a tsohuwar kwamfutarsa ya taɓa gidan da TEXTJOIN yake, sai `#NAME?` ya fito, domin Excel 2013 ne da shi, bai san TEXTJOIN ba. Yanzu kafin in tura masa, nakan kwafi layin in manna da Paste Values, ya tafi a matsayin rubutu zalla.